Ranar da Kasuwa Ke Jira: Dalilin da Ya Sa Zaɓi Mai Gajeren Wa'adi Kan Yi Tsada

A manyan kasuwannin kuɗi irin na Chicago da New York da Landan ana cinikin wata yarjejeniya da ake kira zaɓi. Mai saye yakan biya kuɗi kaɗan yau, ya sami ikon sayen hannun jari, ko ikon sayar da shi, a kan farashin da aka yanke tun yanzu, daga nan zuwa wata rana da aka ayyana. Wannan ranar ita ce wa'adi. In farashin kasuwa ya tafi inda yake so, sai ya yi amfani da ikonsa ya ci riba. In bai tafi ba, sai ya ƙyale, asararsa ba ta wuce abin da ya biya da farko ba. Wanda ya sayar masa da zaɓin kuwa ya karɓi kuɗin a hannu, amma ya ɗaure kansa da cika alkawari ko da farashi ya juya masa baya. A Amurka takarda ɗaya ta zaɓi takan ƙunshi hannun jari 100, kuma tun shekarar 1973, lokacin da aka buɗe kasuwar Cboe a Chicago, ake cinikinta a bainar jama'a da tsayayyun ƙa'idoji.

Hannun jari guda yana da zaɓuɓɓuka masu wa'adi daban-daban a lokaci ɗaya. Akwai wanda zai ƙare Juma'a mai zuwa, akwai na wata ɗaya, na wata uku, har da na shekara ko fiye. In aka jera su daga mafi kusa zuwa mafi nisa aka duba tsadar kowanne, za a ga wani tsari ya fito, kuma wannan tsarin yana faɗin abin da kasuwa ke tsoro da kuma ranar da take tsoronsa. Kafin a iya karanta shi sai an san ma'aunin da ake auna tsadar da shi.

Yadda ake auna tsadar zaɓi

Abin da ke ba zaɓi daraja shi ne kai-komon farashi. Hannun jarin da ba ya motsi, zaɓinsa ba shi da wani amfani, domin ba abin da zai faru kafin wa'adi ya cika. Wanda kuwa ke hawa da sauka da ƙarfi, mai riƙe da zaɓinsa zai iya cin babbar riba alhali asararsa tana da iyaka, don haka dole ya biya da tsada. A shekarar 1973 Fischer Black da Myron Scholes suka fitar da wani lissafi da ke haɗa farashin hannun jari, farashin da aka yanke, tsawon wa'adi, kuɗin ruwa da girman kai-komo, ya ba da kuɗin da ya kamata a biya. Huɗun farko kowa yana iya ganinsu. Kai-komon da zai auku nan gaba ne kaɗai ba wanda ya sani. Saboda haka 'yan kasuwa suka juya lissafin: su ɗauki kuɗin da ake sayar da zaɓin a kasuwa, su koma baya su gano girman kai-komon da wannan kuɗin yake nufi. Lambar da ta fito ita ce kai-komon da kasuwa ke hasashe, kuma a allon dillalai ana nuna ta da haruffan IV.

Ana faɗin wannan lamba ne a matsayin kaso na shekara guda, ko da wa'adin zaɓin kwana biyu ne. An yi haka ne don a iya gwada zaɓin mako da na shekara a kan sikeli ɗaya. Mayar da ita zuwa motsin rana yana da sauƙi. Ranakun ciniki a shekara kusan 252 ne, kuma lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 252 ta kusa 16. Don haka ake raba lambar shekara da 16. Idan allo ya nuna 24, kasuwa tana sa ran motsi na kimanin kashi 1.5 cikin 100 a rana. Idan ya nuna 48, motsin rana kashi 3 ne. Lambar ba ta faɗin sama za a yi ko ƙasa, girman motsin kawai take faɗa.

Akwai dalilin da ya sa ba a raba da 252 kai tsaye. Motsin farashi na yau da na gobe ba sa bin hanya ɗaya koyaushe, wani yakan soke wani. Shi ya sa kai-komon kwana huɗu ba ninki huɗu ne na kwana ɗaya ba, ninki biyu ne. Abin da ke taruwa daidai rana bayan rana shi ne motsin in an ninka shi da kansa. Ana iya kiran wannan nauyin rana. Ranar da ake sa ran motsin kashi 1.5, nauyinta 2.25 ne. Ranar da ake sa ran kashi 8, nauyinta 64, wato ya haura nauyin ranaku 28 na yau da kullum. Duk abin da ke faruwa ga jerin wa'adi gabanin babban lamari daga wannan bambancin yake fitowa.

Siffar jerin a lokacin lumana da lokacin ruɗani

A yawancin ranaku lambar takan ƙaru ne yayin da wa'adi ke nisa. Dalili biyu ne. Na farko, kai-komo yana da ɗabi'ar komawa matsakaici: in kasuwa ta lafa ƙwarai, ba a sa ran lafawar ta dawwama, don haka wa'adi mai nisa yakan ɗauki lambar da ta fi kusa da abin da aka saba gani a tsawon shekaru. Na biyu, wanda zai ɗaure kansa da alkawarin wata shida yakan nemi ƙarin lada saboda abubuwan da ba a hango ba. Ana ganin wannan a fili a ma'aunan da Cboe ke wallafawa game da S&P 500, wato jerin manyan kamfanonin Amurka 500. VIX yana auna hasashen kwana 30, VIX9D na kwana 9, VIX3M na wata uku. A ranar da ba wani tashin hankali, na kwana 9 ne yawanci mafi ƙanƙanta, na wata uku mafi girma.

Idan ruɗani ya faɗo, jerin yakan kife. Ranar 16 ga Maris 2020, lokacin da annobar korona ta girgiza duniya, S&P 500 ya faɗi da kusan kashi 12, VIX kuma ya rufe a 82.69, alhali matsakaicinsa na tsawon shekaru bai wuce 19 zuwa 20 ba. In aka raba 82.69 da 16, kasuwa tana sa ran motsin fiye da kashi 5 kowace rana har tsawon wata. Zaɓuɓɓuka masu dogon wa'adi su ma sun tashi, amma ba su kai haka ba, domin ba mai tunanin cewa za a shekara ana irin wannan girgiza. Ɗabi'ar komawa matsakaici ce ta sake aiki, sai dai a wannan karon daga sama ake sa ran a sauko.

Wannan kifewar ta ruɗani daban take da wadda ke zuwa saboda ranar da aka riga aka sani. Kamfanonin da ke kasuwar Amurka suna fitar da rahoton ribarsu sau huɗu a shekara, kuma sukan sanar da ranar tun da wuri. Kwamitin babban bankin Amurka da ke yanke kuɗin ruwa yana zama sau takwas a shekara bisa jadawalin da aka buga. Rahoton ayyukan yi yakan fito ranar Juma'ar farko ta wata a mafi yawan lokuta. Zaɓe da ƙuri'ar raba gardama su ma ranarsu sananniya ce. A duk waɗannan ba a san abin da zai fito ba, amma an san lokacin da zai fito, kuma wannan sanin lokacin ne ke shiga farashi.

Misali da lambobi

A ɗauki wani hannun jari na misali da ake sayarwa dala 100. A ranakun yau da kullum yana motsa kimanin kashi 1.5, wato lambarsa ta shekara 24. Kamfanin zai fitar da rahotonsa ranar Laraba mai zuwa bayan an rufe kasuwa, saboda haka farashin zai amsa ne ranar Alhamis, kuma kasuwa tana sa ran motsin kashi 8 a wannan rana. Yau Juma'a ce da yamma, ana duban zaɓuɓɓuka uku: mai sauran ranakun ciniki 5, mai 21, da mai 63, wato mako ɗaya, wata ɗaya da wata uku.

Zaɓin mako yana da ranaku huɗu na yau da kullum da ranar rahoto ɗaya. Huɗu sau 2.25 ya ba da 9, a ƙara 64, jimlar nauyi 73. In aka raba wa ranaku biyar, kowace ta sami 14.6, wanda ya yi daidai da motsin kashi 3.8 a rana. A ninka da 16, allo zai nuna kimanin 61.

Zaɓin wata yana ɗauke da wannan ranar rahoton ita ɗaya, amma tare da ranaku 20 na yau da kullum. Jimlar nauyinsa 45 da 64, wato 109. An raba wa ranaku 21, kowace ta sami ɗan abin da ya haura 5, motsin rana ya zama kusan kashi 2.3, allo kuma ya nuna 36. Na wata uku yana da ranaku 62 na yau da kullum, jimlar nauyinsa 203.5, kuma da aka raba wa 63 lambar ta sauko zuwa 29. Ga jerin ya fito: 61, 36, 29. Ranar rahoton ba ta canza ba, nauyinta 64 ne a duka ukun. Abin da ya bambanta shi ne yawan ranakun da suka taimaka wajen ɗaukar nauyin.

Da akwai zaɓin da wa'adinsa zai cika ranar Laraba, kafin rahoton ya fito, lambarsa za ta tsaya a 24 duk da cewa shi ne mafi kusa. Wannan ita ce babbar alamar da ake bambance tsadar ranar da aka sani da tsadar ruɗani. A ruɗani duk na kusa sukan tashi tare, mafi kusa yawanci ya fi tashi, sannan lambobin su riƙa sauka a hankali. Game da ranar da aka sani kuwa, jerin yakan tafi a kwance har sai ya iso wa'adin farko da ya tsallake ranar, a nan ya yi tsalle, daga nan ya gangara.

Wane irin tsada ake nufi

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ganin 61 a gefen zaɓin mako da 29 a gefen na wata uku ba ya nufin na mako ya fi yawan kuɗi. Akwai wata gajeriyar hanya ta ƙiyasta kuɗin zaɓin da farashinsa da aka yanke ya yi daidai da na kasuwa: a nemo lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da jimlar nauyi, a ninka ta da 0.4, sakamakon shi ne kuɗin zaɓin a matsayin kaso na farashin hannun jarin. Ga na mako, nauyi 73 ya ba da 8.54, kuɗinsa ya kama dala 3.42 a kan kowane hannun jari. Na wata, 109 ya ba da 10.44, kuɗinsa dala 4.18. Na wata uku, 203.5 ya ba da 14.27, kuɗinsa dala 5.71.

Ke nan na nesa ya fi kuɗi, kamar yadda hankali ya ɗauka. Tsadar na kusa a kan kowace rana take. Dala 3.42 a kwana biyar ya kama kusan dala 0.68 a rana, dala 5.71 a kwana 63 kuwa bai wuce dala 0.09 a rana ba. Kamar mai kama ɗaki ne a Argungu: wanda ya kama na makon bikin kamun kifi kaɗai zai biya kuɗi mai yawa a kan kowane dare fiye da wanda ya kama na wata uku, amma mai wata ukun, tunda makon bikin yana cikin lokacinsa, jimlar abin da zai biya ta fi yawa.

Wannan ƙa'ida ce mai ƙarfi. In aka ajiye tasirin kuɗin ruwa da ribar da kamfani ke raba wa masu hannun jari a gefe, jimlar nauyi ba ta raguwa yayin da wa'adi ke ƙara nisa, domin zaɓin nesa ya ƙunshi duk ranakun na kusa har da ƙari. Da za a wayi gari na kusa ya fi na nesa kuɗi a kan farashin yankewa ɗaya, da 'yan kasuwa sun sayar da na kusa sun sayi na nesa, sun sa bambancin a aljihu ba tare da kasada ba, kuma wannan cinikin nasu shi zai rufe giɓin nan take. Saboda haka kifewar jerin tana da iyakar da ba za ta wuce ba.

Ana iya bin lissafin a juye, kuma haka ƙwararru ke yi kullum. Kasuwa ba ta rubuta a ko'ina cewa tana sa ran motsin kashi 8 ba, sai an tono shi daga farashi. A ɗauki lambar allo ta wa'adi biyu da duka suka ƙunshi ranar, a raba kowace da 16, a ninka sakamakon da kansa, a ninka da yawan ranaku, a sami jimlar nauyi. A misalin nan 73 ne da 109. Bambancinsu 36 ya fito ne daga ƙarin ranaku 16 da ba rahoto a cikinsu, don haka kowace tana da nauyin 2.25. A cire guda huɗu irinsu daga 73, saura 64, wato motsin kashi 8. Da wannan lambar a hannu mutum zai iya komawa ya duba yadda hannun jarin ya motsa bayan rahotanninsa na baya, ya ga ko abin da kasuwa ke nema ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Wannan gwajin ya fi kallon lambar 61 kawai amfani nesa ba kusa ba.

Abin da ke faruwa yayin da ranar ke matsowa

Litinin ta wuce, Talata ta wuce, Laraba ta wuce, farashin hannun jarin yana nan a dala 100. Da yammacin Laraba zaɓin mako saura masa kwana biyu: Alhamis mai nauyin 64 da Juma'a mai nauyin 2.25. Jimla 66.25, an raba biyu, motsin rana ya kai kusan kashi 5.8, allo ya nuna 92. Wanda ke kallon allo kaɗai zai ce zaɓin ya yi tsada ƙwarai, daga 61 zuwa 92 cikin kwana uku. Amma kuɗinsa ya sauka ne daga dala 3.42 zuwa dala 3.26. Ba wani sabon tsoro da ya shigo kasuwa. Ranaku masu sauƙi ne suka fita daga lissafin, ranar mai nauyi ta kusa zama ita kaɗai. Wanda ya sayi zaɓin ranar Juma'a da nufin ya sayar in lambar ta hau, lambar ta hau yadda ya zata, amma bai ci ko sisi ba. Riba za ta zo masa ne kawai in kasuwa ta ɗaga hasashenta na ranar rahoton, a ce daga kashi 8 zuwa 10.

Rahoto ya fito, Alhamis ta wuce. Nauyin 64 ya fita daga kowane zaɓi a lokaci guda, lambobin duka suka koma kusa da 24. A ce labarin bai zo da wani abin mamaki ba, farashi ya tsaya a dala 100. Zaɓin mako, wanda saura masa rana ɗaya, ya faɗo daga dala 3.26 zuwa dala 0.60, ya rasa fiye da kashi 80 na darajarsa. Zaɓin wata, wanda ke dala 4.04 da yammacin Laraba, ya koma dala 2.47, asarar kusan kashi 40. Wannan rushewar ba hatsari ba ce, kowa ya san za ta zo tun kafin a yi cinikin.

Abin da ya fi ba sababbin shiga ciwo shi ne in sun canki hanyar daidai amma suka yi asara. A ce wani ya sayi zaɓin saye da yammacin Laraba a dala 3.26 saboda yana da yaƙinin rahoton zai yi kyau. Rahoton ya yi kyau, hannun jarin ya hau zuwa dala 103. Zaɓinsa yanzu bai wuce dala 3 da 'yan kai ba, ƙasa da abin da ya biya. Bai yi kuskure game da kamfanin ba. Kuskurensa shi ne ya biya kuɗin babban motsi, aka samu ƙarami. Wanda ya sayi zaɓin saye da na sayarwa tare, don ya ci ko ta wace hanya aka bi, ya biya kusan dala 6.50, saboda haka sai farashi ya haura dala 106.50 ko ya sauka ƙasa da dala 93.50 kafin ya fara ganin riba.

Ganin haka sai wasu su ɗauka sayar da zaɓin gabanin rahoto shi ne hanyar samun kuɗi a sauƙaƙe. Sau da yawa mai sayarwa yakan ci, amma ranar da ya faɗi faɗuwar takan yi muni. Ranar 3 ga Fabrairu 2022 hannun jarin Meta, mamallakin Facebook, ya faɗi da kimanin kashi 26 bayan rahotonsa. Ranar 25 ga Mayu 2023 na Nvidia ya tashi da kimanin kashi 24. Da irin faɗuwar Meta ta sami hannun jarin misalin nan, wanda ya karɓi dala 6.50 zai biya dala 26, asararsa ta ninka abin da ya karɓa sau uku. Kuma ba shi da damar tsere wa a tsakiya, domin rahoto yakan fito ne kasuwar zaɓi tana rufe, farashi ya buɗe da safe a sabon wuri ba tare da ya bi ta matakan da ke tsakani ba.

Tudun da ke tafiya

Ƙuri'ar raba gardama ta Birtaniya kan ficewa daga Tarayyar Turai ta nuna yadda abin yake idan an san ranar tun da nisa. A watan Fabrairu 2016 firaminista David Cameron ya sanar cewa za a kaɗa ƙuri'ar ranar 23 ga Yuni. Daga nan tsadar ta zauna a kan duk wa'adin da ya tsallake wannan rana. A kasuwar canjin kuɗi ana cinikin zaɓi da tsayayyen tsawo, mako ɗaya, wata ɗaya, wata uku, ana ƙirgawa daga ranar ciniki. Zuwa ƙarshen Maris, lokacin da wata uku ya fara kaiwa ga ranar ƙuri'a, lambar zaɓin fam na wata uku ta yi tsalle, alhali ta wata ɗaya ba ta yi haka ba. A ƙarshen Mayu tsallen ya koma kan na wata ɗaya, a tsakiyar Yuni ya iso na mako ɗaya, kuma a kowane mataki tudun yana ƙara tsawo saboda ranakun da ke raba nauyin suna raguwa. Har zuwa makonnin ƙarshe, na kusa sun fi na tsakiya araha. Ke nan kusanci shi kaɗai ba ya kawo tsada, sai wa'adin ya ƙunshi ranar.

Masu son ficewa suka yi nasara da kashi 52 a kan 48. Ranar 24 ga Yuni fam ya faɗi da kusan kashi 8 a kan dala, kuma a cikin ranar ya taɓa matakin da rabon da a gan shi tun 1985. Kamfanonin da suka biya kuɗin kariya mai tsada don tsare kuɗin shigarsu na fam sun ga amfaninsa a wannan karon.

Inda lissafin ke gazawa

Lissafin yana ɗaukar cewa ruɗanin zai ƙare a rana ɗaya, kuma ba kullum haka take faruwa ba. Zaɓen shugaban Amurka na Nuwamba 2000 bai warware ba sai 12 ga Disamba, da hukuncin kotun ƙoli. A 2020 an kaɗa ƙuri'a ranar 3 ga Nuwamba, ba a bayyana wanda ya ci ba sai ranar 7. Wanda ya sayi kariyar da za ta ƙare kwana biyu bayan zaɓe zai iya samun kansa babu kariya alhali rikicin bai ƙare ba. Haka kamfani yakan sauya ranar rahotonsa, tsadar ta tashi daga wa'adi ɗaya ta koma wani cikin dare.

Akwai kuma ƙananan kurakurai da ke lalata lissafin ba a lura ba. Wasu alluna suna ƙirga ranakun kalanda ne, har da Asabar da Lahadi, wasu ranakun ciniki kaɗai, kuma a kan zaɓin kwana biyu ko uku wannan yakan sauya lambar sosai. Zaɓin da ba a cinikinsa da yawa yana da faɗin tazara tsakanin farashin saye da na sayarwa, har lambar da aka ciro daga tsakiyarsu ta zama ba abin dogaro ba. Zaɓin wata shida ya ƙunshi rahoto biyu, ba ɗaya ba. Ita kanta hanyar ninkawa da 0.4 ƙiyasi ce da ta fi dacewa da motsin yau da kullum, ba ta cika daidai ba idan sakamakon ɗaya ne cikin biyu, kamar amincewa da sabon magani ko ƙin amincewa.

Babbar iyaka ita ce jerin wa'adi ba ya ganin abin da ba shi da rana. Ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan, ba tare da gargaɗi ba, ya janye alkawarin da ya riƙe tun 2011 na hana yuro sauka ƙasa da 1.20 a kan kuɗin ƙasar. Cikin mintuna yuro ya faɗo ƙasa da 1, wasu kamfanonin dillancin canji suka durƙushe. Kwana ɗaya kafin nan babu wani tudu a kan wannan rana, domin ba ta cikin jadawalin kowa.

Ga mai karatu Musulmi akwai wani bayani da ya dace ya sani. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa yarjejeniyar zaɓi yadda ake gudanar da ita a kasuwannin duniya ba ta halatta ba. Karanta jerin wa'adi kuwa ba ya bukatar a sayi komai. Ma'aunan VIX9D da VIX da VIX3M ana buga su a fili kowace ranar ciniki, kuma ɗan kasuwar da ke shigo da kaya da dala, ko mai bin farashin ɗanyen mai, zai iya duba su ya san ko manyan masu kuɗi suna tsoron wannan makon ne ko wata mai zuwa. Idan na kwana 9 ya haura na kwana 30, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne kalanda: in akwai zaman babban banki ko zaɓe a cikin kwanakin tara, tsadar ta wannan ranar ce kuma za ta sauka da zarar ta wuce, in kuwa babu komai a jadawalin, kasuwar ce kanta ke cikin ruɗani.